Ciwon dajin Baba ya kai ƙashi: amsar likita ga 'yarsa

"Assalamu alaikum Likita. Ni ce babbar 'yar Alhajin da kake dubawa, mai shekara 71, wanda muke kawowa daga Agege. Ranar da aka ba mu sakamako na ji ana faɗin PSA 186, Gleason 9, mataki na huɗu, amma wallahi ban fita da komai a kaina ba. Don Allah ka faɗa min da Hausa, ba ɓoye-ɓoye: zai warke? In ba zai warke ba, wane lokaci muke magana a kai? Wane magani ya fi masa? Ƙannena suna cewa mu sayar da gida mu kai shi Indiya, kuma kada a sanar da shi gaskiyar abin."

Wa alaikumus salam Malama. Kafin in rubuta miki kalma ɗaya sai da na nemi izinin Alhaji, domin jiki nasa ne, sirrin ciwon kuma nasa ne. Da na tambaye shi ko in yi miki bayani, cewa ya yi in faɗa miki komai, ke ce mai riƙe da takardunsa. Da wannan izinin nake magana.

Ciwon Alhaji ba irin wanda ake kawarwa gaba ɗaya ba ne. Babu tiyata, babu allura, babu asibiti a Legas ko a wata ƙasa da zai cire shi daga jikinsa a ce an gama. Amma ciwo ne da ake dannewa, kuma yana daga cikin ciwukan dajin da suka fi jin magani ko bayan sun bazu. Abin da muke lissafi a kai shekaru ne, ba makonni ba. Ki riƙe waɗannan maganganu biyu tare, domin duk wanda ya ba ki ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi miki adalci ba.

Ciwon ya faro ne daga furostet, wata 'yar tsoka mai girman ƙaramin goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Shi ya sa abin ya fara da wahalar fitsari har aka sa masa roba. PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, ana auna shi a jini. A mai shekarun Alhaji, in ya wuce 4 zuwa 6 mukan fara bincike, nasa kuwa 186 ne. Yawan bai nuna ranar mutuwa ba, abin da yake nunawa shi ne ƙwayoyin ciwon suna da yawa a jiki. Amfaninsa na gaba ya fi na yanzu, domin shi ne ma'aunin da za mu riƙa dubawa mu ga ko magani na ci.

Gleason kuma maki ne da likitan ɗakin gwaji yake bai wa ɗan naman da aka ɗebo, bayan ya duba shi a madubin ƙara girma. A aikace makin yana farawa daga 6 ya tsaya a 10. Na 6 mai sanyin tafiya ne, mutum kan tsufa da shi har wani abu dabam ya zama ajalinsa. Na Alhaji 9 ne, wato mai saurin yaɗuwa. Na ji an ce wani daga cikin dangi yana cewa allurar da aka soka aka ɗebo naman ce ta tayar da ciwon, tunda daji ba ya son ƙarfe. Ki kwantar musu da hankali. Ciwon bayan da ya hana Alhaji barci ya riga ɗibar naman da watanni, kuma tabon da muka gani a ƙashi ba a mako biyu yake samuwa ba.

Hoton ƙashi ya nuna wurare bakwai: uku a ƙashin baya, biyu a ƙugu, ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a saman ƙashin cinyar dama. Wannan shi ne ma'anar mataki na huɗu, ciwon ya bar inda ya faro ya sauka a wani wuri mai nisa. Ba sabon ciwon ƙashi ba ne, ƙwayoyin furostet ɗin ne suka bi jini suka zauna a ƙashi, saboda haka maganin furostet ne zai yi aiki a kansu. Akwai kuma abubuwan da hoton bai nuna ba, waɗanda na yi farin ciki da rashinsu: hantarsa lafiya, huhunsa lafiya, ƙodarsa na aiki daidai. Sannan har yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, yana wanka da kansa, yana cin abinci. A wurinmu wannan ƙarfin jikin yana da nauyi a lissafi kamar yadda lambobin takarda suke da shi.

Yanzu maganar lokaci. Ajali na Allah ne, ni da ke mun yarda da haka, kuma ba zan ba ki rana ko wata ba. Abin da ke hannun likita shi ne labarin abin da ya faru da mutane masu yawa da ciwonsu ya yi kama da na mahaifinki. Akwai wani babban bincike mai suna LATITUDE da aka yi a kan maza 1,199 a ƙasashe da dama, aka fitar da sakamakonsa na ƙarshe a 2019. Dukansu an gano ciwon ne bayan ya riga ya bazu, kuma mai zafi ne, irin na Alhaji. Rabi an ba su maganin danne sinadarin maza kaɗai, rabi an ƙara musu wata ƙwaya da zan yi miki bayaninta. A rukunin farko, tsakiyar tsawon rayuwa ta kama wata 36 da rabi, wato kusan shekara uku. A rukuni na biyu ta kai wata 53, kusan shekara huɗu da rabi.

Wannan kalma ta tsakiya ita ce mutane suka fi yi wa mummunar fahimta, don haka bari in tsaya a kanta. Ki ɗauka an jera mutum ɗari masu irin wannan ciwo, daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa. Lambar da na ba ki ta mutum na hamsin ce, wanda ke tsakiyar layi. Rabin mutanen sun wuce ta. A farkon layin akwai waɗanda ciwon ya ƙi jin magani da wuri, suka rasu cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. A ƙarshen layin akwai waɗanda suka haura shekara bakwai, takwas. Makin Gleason 9 da yawan wuraren da ke ƙashi suna jan Alhaji zuwa farkon layi. Lafiyar hanta da huhu da ƙarfin jikinsa suna jansa zuwa ƙarshe. In kika ce in taƙaita, zan ce ku yi shiri da tunanin shekara uku zuwa biyar idan magani ya tafi ba yankewa, ku san cewa zai iya gazawa, ku kuma yi fatan ya zarce. Na ce idan ba yankewa da gangan, domin mutanen wancan binciken ba su taɓa tsallake allura don kuɗi sun ƙare ba, alhali a nan wannan ne babban abin da ke rage wa majinyatanmu kwana.

Nan da wata shida ko bakwai zan iya ba ki amsar da ta fi wannan kusa da shi kansa. Idan PSA ya faɗo daga 186 ya koma ƙasa da 0.2, alama ce mai kyau ƙwarai, irin waɗannan su ne suka fi daɗewa. Idan ya tsaya sama da 4, ciwon mai taurin kai ne, sai mu sake zama.

Tushen maganin abu ɗaya ne. Ƙwayoyin wannan ciwo da sinadarin maza suke rayuwa, wanda ake kira testosteron, shi ne abincinsu, kuma kusan dukkansa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. In aka yanke shi, yawancin ƙwayoyin sukan mutu ko su kwanta. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, shi ya nuna haka a 1941, aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har yau duk wani sabon magani a kan wannan ginshiƙin ake ɗora shi. Mun riga mun fara. Allurar da aka yi wa Alhaji a fatar ciki mako uku da suka wuce, gosarelin, ita ce ke hana jiki yin sinadarin. Ƙwayar bikalutamaid da muka haɗa masa ta wata ɗaya ce kawai, domin a makon farko ko na biyu allurar takan sa sinadarin ya ɗan tashi kafin ya faɗi, ƙwayar ce ke tare wannan tashin. Kin ce min ya fara kwana ba ya juyi saboda baya. Aikin maganin ke nan.

Zaɓi na farko da ke gabanku shi ne yadda za a ci gaba da danne sinadarin, domin har ƙarshen rayuwa ne. Hanya ɗaya ita ce allura, ko ta duk mako huɗu ko babbar ta duk mako 12. Hanya ta biyu ƙaramar tiyata ce da ba ta cika kai awa ɗaya ba, a kashe wurin, a cire tsokar da ke yin sinadarin a cikin maraina, mutum ya koma gida a ranar ko washegari. Akwai salon da ake barin ɓawon, ta yadda wurin ba ya zama fayau. Wajen danne ciwo, biyun ƙarfinsu ɗaya. Bambancin shi ne allura kuɗi ne da ba ya ƙarewa, farashinta yana bin dala, wani lokaci a neme ta a rasa, kuma ranar da aka makara sinadarin yakan fara dawowa. Tiyata sau ɗaya ake biya, sinadarin ya faɗi cikin kwana ɗaya, ba kuma zancen an manta ko an rasa. Illarta ita ce ba a mayar da ita, kuma tana da nauyi a zuciyar namiji. Alhaji ya yi shekaru yana harkar shanu a Abbatuwa, ya san abin da irin wannan tiyata take tuna wa mutum, kuma da na ambata masa sai ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce zai yi tunani. Ban matsa masa ba, ke ma kada ki matsa. Amma tunda kin tambayi ra'ayina, ga shi: ga iyalin da ke biya daga aljihu, na fi son tiyata, a tattara kuɗin allurar a sa a magani na biyu. Na ga mutane da yawa da suka fara allura da ƙarfinsu, bayan wata takwas suka ɓace, suka dawo a kan keken guragu.

Ko wace hanya ya bi, zai ji sauyi a jikinsa. Zafi zai riƙa taso masa ya jiƙe da gumi ko da fanka na kaɗawa, zai ji kasala, tumbi zai ƙaru, ƙashi zai rage ƙwari a hankali, sukarinsa kuma na iya hawa. Tafiyar minti talatin kullum tana rage yawancin waɗannan, kuma zan rubuta masa kalsiyam da bitamin D. Akwai ɓangaren da ya shafi zaman aure, wannan tsakanina da shi da Hajiya ne, mun riga mun fara maganar.

Zaɓi na biyu shi ne abin da za a ɗora a kai, domin ga mai ciwo irin nasa danne sinadari kaɗai ya zama tsohon yayi. Abubuwa biyu ne a hannunmu a zahiri.

Na farko ita ce ƙwayar da na ambata a binciken can, abirateron. Ko an rufe hanyar maraina, wasu ƙananan tsokoki da ke saman ƙoda da ma ciwon kansa suna yin ɗan ragowar sinadarin, ita kuma wannan ragowar take toshewa. Ana shan ƙwaya huɗu masu miligiram 250 sau ɗaya a rana, cikin ba komai, awa biyu bayan abinci kuma awa ɗaya kafin na gaba. Mafi sauƙi shi ne ya sha da ya dawo daga sallar asuba, ya karya bayan gari ya waye. Dole a haɗa ta da ƙaramar ƙwayar furedinisolon, miligiram 5, kuma wannan ba a daina ta kwatsam. Matsalarta ga Alhaji ita ce yana da hawan jini da ciwon sukari. Abirateron tana ɗaga jini, tana sa ƙafa kumburi, tana rage gishirin fotasiyam, wani lokaci ta taɓa hanta, furedinisolon kuma yana ɗaga sukari. Duk ana iya sarrafa su, amma da sharaɗin gwajin hanta duk mako biyu a wata ukun farko, daga nan duk wata, da awon jini da sukari a gida a rubuta a littafi. Sannan ba ta da ranar gamawa, ana sha ne muddin tana aiki, wanda kan kai shekara biyu zuwa uku. Ku yi lissafin kuɗinta a kan shekara, kada ku yi a kan kwalba ɗaya.

Akwai wata dabara da ya kamata ki sani. Abinci yana ƙara yawan abin da jiki ke tsotsa daga wannan ƙwaya sosai. Wani ƙaramin bincike na Jami'ar Chicago da aka buga a 2018, a kan mutum 72, ya nuna cewa ƙwaya ɗaya tare da karin kumallo mara maiƙo ta saukar da PSA kamar yadda huɗu suka yi a cikin ba komai. Kuɗin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Binciken ƙarami ne, kuma PSA ya auna, bai auna tsawon rai ba, don haka ba shi ne zaɓina na farko ba. Amma idan abin ya zama ko wannan ko a daina, wannan ya fi nesa ba kusa ba. Abin da ba na so shi ne ku yanke wannan shawara a gida, ko a haɗa ƙwaya huɗu da abinci, domin hakan yana iya yi wa hanta illa.

Na biyu shi ne kemo, maganin da ake kira dosetaksel. Ana ɗaura shi a jijiya kamar ƙarin ruwa, awa ɗaya, sau ɗaya duk mako uku, har sau shida, a gama cikin wata huɗu da 'yan kwanaki. Ga masu ciwo da yawa a ƙashi, ƙarin kwanan da yake bayarwa ya yi kusa da na abirateron. Kyansa shi ne yana da iyaka, kun san abin da za ku kashe. Wahalarsa ita ce zubewar gashi, gajiya, mutuwar yatsun ƙafa da hannu, wadda mai sukari ya riga ya fi kowa haɗarinta, da kuma faɗuwar ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta wajen kwana bakwai zuwa goma bayan kowane zagaye. A wannan tsakanin zazzaɓin da ya kai 38 yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu kuma a nan duk zazzaɓi maleriya ne, sai a aika yaro kemis. Ga nisa daga Agege, ga cunkoson hanya in dare ya yi ko ruwa ya sauka. A kan wannan, da shekarunsa, da sukarinsa, na fi karkata ga abirateron yanzu, mu ajiye kemo don gaba. A wasu wurare akan haɗa ukun gaba ɗaya ga mai ƙarfin jiki, kuma akwai hujja a kan hakan, amma ga mai shekara 71 da sukari ina ganin wahalar za ta iya rinjayar ribar.

Na ce don gaba, domin ranar za ta zo da ciwon zai koyi rayuwa ba tare da sinadarin ba. Za mu gane ta idan PSA ya riƙa hawa a gwaji biyu ko uku a jere alhali testosteron yana ƙasa, ko sabon ciwo ya ɓullo, ko hoto ya nuna sabon wuri. Ba ita ce ƙarshen hanya ba, a lokacin ne za mu ɗauko kemo da sauran abin da ya rage. Sai dai daga nan kowane magani yakan riƙe na ɗan lokacin da bai kai na bayansa ba, lissafi ya fara komawa shekara ɗaya zuwa biyu, daga baya watanni. Idan mun kai can zan faɗa muku da bakina, ba zan bari ku gane daga fuskar ma'aikata ba.

Za ki ji ana cewa me ya sa ba za a yanke furostet ɗin a huta ba. Domin abin da ke barazana ga ransa yanzu yana cikin ƙashi, cire tushen ba ya kiran waɗanda suka riga suka tafi. Gasa furostet da na'ura yana ƙara kwana ga waɗanda ciwonsu bai wuce wuri kaɗan a ƙashi ba, nasa ya wuce wannan adadin. Inda gashin na'ura, wato rediyoterafi, zai yi masa amfani shi ne idan wuri ɗaya ya matsa masa da zogi. Sau da yawa zama ɗaya ya isa, kuma kusan mutum shida cikin goma suna samun sauƙi. Ana yin sa a nan Legas, cibiyar ciwon daji ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, da ke Idi-Araba, wadda aka buɗe a 2019, tana da na'urorin. Robar fitsarin kuma ba lallai ta zauna ba. Yayin da furostet ke saɓewa za mu gwada cire ta nan da wata ɗaya ko biyu, da yawa sukan koma yin fitsari da kansu, in ya ƙi akwai ƙaramin aikin buɗe hanya.

Wannan sakin layin ina so ki karanta wa duk wanda ke kwana gida ɗaya da Alhaji. Wurare ukun da ke ƙashin bayansa suna kusa da laka, igiyar jijiyar da ke ɗaukar saƙo zuwa ƙafafu da mafitsara. Idan ciwon ya danne ta, mutum na iya shanyewa daga ƙugu zuwa ƙasa. Alamun su ne sabon ciwon baya mai tsanani da ke ƙaruwa in ya kwanta ko ya yi tari, ko zogi da ke zagayo ƙirji ko ciki kamar an ɗaure shi da igiya, nauyin ƙafa, tuntuɓe, silifas ya riƙa zamewa bai sani ba, mutuwar jiki a cinyoyi ko mazaunai, kasa riƙe bayan gida. Idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko ƙarfe biyun dare ne, ku kwantar da shi a miƙe ku kawo shi sashen gaggawa, ku ce mai ciwon dajin furostet ne a ƙashin baya, ana tsoron ya danne laka. Yana bukatar hoton MRI cikin awa 24, da maganin deksametason nan take, sannan gashi ko tiyata. Wanda ya iso yana iya taka ƙafarsa, galibi yakan ci gaba da tafiya. Wanda ya kwana biyu a shanye ana shafa masa man zafi, da wuya ƙafar ta dawo. Kada a kai shi wurin mai ɗori, kada a yi masa tausa mai ƙarfi ko a taka masa baya. Haka nan idan cinyar dama ta fara zogi in ya ɗora nauyi, ku gaya min da wuri, domin ƙashin na iya karyewa, kuma sa masa ƙarfe kafin ya karye ya fi sauƙi.

Game da zogi, kada ya daure don nuna jarumta. Farasitamol ba laifi. Amma magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a kemis, ku nisanta shi da su sai da sanina, saboda ƙoda da gyambon ciki, balle in ya fara shan furedinisolon. In zogi ya fi ƙarfin wannan akwai mofin na ruwa da ake sha. Ba alamar an sallama mutum ba ce, kuma idan an bi ƙa'ida ba ya gaggauta mutuwa, abin da yake jawowa shi ne taurin bayan gida, shi ya sa muke haɗa shi da mai sassautawa. Addu'a, zamzam, rubutu, ba ni da ja a kansu. Zuma a yi hankali saboda sukari. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, na mai maganin gargajiya ko agbo da ake tallarsa a kwalba, su ne nake roƙo a bari, domin idan gwajin hanta ya lalace ba zan san ko su ne ko ƙwayar ba, sai in tsayar da maganin da ke riƙe da shi. Azumi kuma mu yi maganarsa kafin watan ya kama, da littafin sukarinsa a gabanmu.

Indiya akwai ƙwararrun likitoci, amma allurar da za su yi masa da ƙwayar da za su ba shi su ne waɗannan da na lissafa miki, yawancin abirateron da ke kasuwarmu ma daga can ake kawo ta. Ba za su warkar da shi ba, domin matakin ciwon ne ya hana, ba ƙarancin na'ura ba. Kuɗin jirgi da masauki da asibiti na mako shida a can zai iya riƙe maganinsa a nan na dogon lokaci, kuma wannan ciwo na dogon zango ne. In hankalin ƙannenki bai kwanta ba, hakkinku ne ku ji ta bakin wani likitan. Zan ba ku kwafin duk takardu da hotuna, ku kai wa wani ƙwararre a nan Legas ko ku aika can a duba, ba zan ji komai ba. Gidan dai kada a sayar a kan tafiyar da ba za ta sauya maganin ba.

Maganar ɓoye masa kuwa, na san daga ƙauna ta fito, amma ba zan iya shiga cikinta ba, kuma a gaskiya lokacinta ya wuce. Ranar da aka yi masa allurar farko, da kuka fita karɓo magani, ya dube ni ya ce: "Likita, daji ne ko?" Na ce masa e. Ya ce ya kai ƙashi? Na ce ya kai. Ya ce alhamdu lillahi ala kulli halin, sannan ya roƙe ni kada in tayar wa yara da hankali. Kun ga ke nan kowa yana ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani. Bai tambaye ni shekara nawa ba, ni ma ban cusa masa ba, ranar da ya tambaya zan amsa gwargwadon abin da yake son ji. Mutum ne mai iyali da harkoki, akwai bashi da amana da wasiyya, wataƙila akwai Umara ko zuwa gida Arewa da yake son yi. Shekarar nan da muke ciki, yayin da magani ke ci kuma ƙafa na ɗaukarsa, ita ce mafi dacewa da duk wannan, kuma ana iya tsara tafiya a tsakanin allurai. Ba kuma za a yi masa tiyata ko a ɗora shi a kan ƙwayar shekaru ba tare da ya san dalili ya amince ba.

Abu ɗaya da ya shafe ku 'ya'yansa: wanda mahaifinsa ya yi wannan ciwo haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza. Ƙannenki maza da suka kai shekara 40 zuwa 45 su fara gwajin PSA, 'yan'uwan Alhaji maza ma haka. In kuma akwai wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono ko na ƙwan mace a danginsa, ki gaya min, domin wani lokaci gado ɗaya ne ke kawo su, kuma hakan zai shafe ki, zai kuma iya sauya maganin da za mu ba shi nan gaba.

Allurarsa ta biyu ta faɗo mako mai zuwa, kada a ɗaga ta ko da bai gama shawara a kan tiyatar ba. Ku zo da Hajiya da ɗaya daga cikin ƙannen naki, wanda ya fi matsawa a kan Indiya, da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har na gargajiya, da awon jini da sukari na kwana bakwai. A ranar za mu ɗebi jinin PSA da testosteron da na hanta da fotasiyam, in sun yi kyau kuma ya amince, ya fara abirateron a makon. Ku zauna tun yanzu ku fitar da abin da iyali za su iya bayarwa duk wata ba tare da an karye ba, ku faɗa min adadin ba kunya, a kansa zan tsara maganin. Allah Ya ba Alhaji sauƙi, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri.